Kamfani bai tallata gurbin aiki ba: wa za ka tuntuɓa, me za ka ce masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 3 ke nan ina aikin kula da sito, kuma ina so in canza wuri. Akwai wani kamfanin rarraba kaya da nake sha'awa, amma ban taɓa ganin sun fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata ba. Shin rashin ladabi ne in tuntuɓe su haka kawai? In ba laifi, yaya zan tambaya ba tare da na zama kamar mai roƙo ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu rashin ladabi a ciki ko kaɗan. Abin da ke kashe irin wannan wasiƙa shi ne tambayar da yawancin mutane suke yi a cikinta, wato "ko akwai gurbi?" Tambaya ce da amsarta ta riga ta fito. Da akwai gurbin da aka amince da shi, da an tallata ko an riga an sa wani a rai. Wanda ya karanta zai ce "babu" cikin gaskiya, magana ta ƙare a nan. Aikinka shi ne ka yi tambayar da "babu" ba za ta rufe ta ba, kuma ka yi ta ga mutumin da ya dace.

Kafin sanarwar aiki ta fito, akwai tafiyar da take yi a cikin gida. Shugaban sashe ne yake fara jin nauyi: aiki ya yi wa yaransa yawa, ko wani ya ajiye aiki, ko an buɗe sabon reshe. Sai ya nemi izinin ƙara mutum, masu kula da kuɗi su duba ko kasafi zai ɗauka, a sa hannu, sannan sashen kula da ma'aikata ya rubuta sanarwa. Wannan tafiya takan ci makonni, wani lokaci watanni. A duk tsawonta buƙata tana nan, sanarwa ce babu. Cikin wannan taga kake so wasiƙarka ta faɗa. Shi ya sa sashen kula da ma'aikata ba shi ne ƙofar farko ba. Su aikinsu cike gurbin da aka amince da shi, ba su ke ƙirƙiro shi ba. Mai ciwon kan shi ne shugaban sashen da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa, a wajenka manajan sito ko shugaban sashen jigilar kaya. In kamfanin ƙarami ne, mai ma'aikata 20 ko 30, to mai kamfanin ko babban manaja ne kai tsaye.

Sai dai ka san iyakar hanyar tun yanzu. Ma'aikatun gwamnati da manyan hukumomi suna da ƙa'idar da ta tilasta a tallata aiki a fili, don haka wasiƙa komai kyanta ba za ta sa a ɗauke ka ba. Iyakar abin da za ka samu shi ne labarin lokacin da za a buɗe. Manyan kamfanoni ma da yawa sai ta shafinsu na neman aiki suke karɓar takardu. Inda hanyar ta fi ci shi ne ƙanana da matsakaitan kamfanoni, inda mutum ɗaya ko biyu ke yanke shawara.

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ba kamfanin awa ɗaya na bincike. Abu biyu kake nema: sunan mutum, da dalilin da ya sa kake rubutawa yanzu. Sunan za ka iya samunsa a shafin kamfanin, ko a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata, idan ka rubuta sunan kamfanin tare da muƙamin, ko ka buga waya ofishinsu ka tambaya. Tambayar a waya gajeriya ce: "Barka da aiki. Don Allah ina so in aika wa mai kula da sashen sito takarda, yaya cikakken sunansa, kuma wane adireshin imel zan yi amfani da shi?" In mai amsa waya ta tambaye ka a kan me, faɗi gaskiya, ka ce kai ma'aikacin sito ne kana so ka gabatar da kanka. Kada ka ce kai abokin ciniki ne ko kana da alƙawari da shi. Ƙaryar ba ta wuce kwana biyu, kuma ita mai amsa wayar takan zama wadda manaja zai tambaya, "yaya kika ga mutumin?" In ta ƙi ba da adireshin, ka yi godiya, ka karɓi na gama-gari, ka rubuta sunan manajan a kan batun saƙon.

Dalilin kuwa, alama kake nema cewa aiki ya ƙaru ko hannu ya ragu. Sun buɗe sabuwar ma'ajiya? Sun karɓi dillancin wani sabon kaya? Suna neman direbobi da masu talla? Wannan ta ƙarshe alama ce mai ƙarfi ga mai aikin sito, domin in motoci da masu sayarwa suka ƙaru, kayan da ke shiga da fita ma za su ƙaru, ko da ba a tuna da sito a sanarwar ba. Sabon shugaban sashe ma alama ne, don yakan so ya kafa mutanensa a watannin farko. In ka duba ba ka ga komai ba, za ka iya rubutawa, amma ka sa a ranka cewa shuka ce ta gaba.

Akwai wani mataki da bai kamata ka tsallake ba. Duba ko akwai wanda ka sani da ya san wani a ciki. Masanin halayyar zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutane ta hannun sanayyar nesa, waɗanda ba a haɗuwa da su kullum, fiye da ta hannun aminai. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, amma tsohon abokin karatu ko direban da ke kawo muku kaya yana shiga wuraren da ba ka shiga. Ba alfarma za ka nema a wajensa ba. Izini kawai za ka nema ka ambaci sunansa a layin farko. Ka tabbata ya yarda, domin manajan zai iya ɗaga waya ya tambaye shi.

To, ga wasiƙar. Mu ƙaddara ka gano kamfanin ya buɗe ma'ajiya ta biyu watan jiya, kuma a inda kake yanzu kai ne ka gyara tsarin ƙidayar kaya. A gurbin batun saƙo sai ka rubuta abin da zai gaya masa kai wane ne a kallo ɗaya, misali: "Ma'aikacin sito mai shekara 3, game da sabuwar ma'ajiyarku". Jikin saƙon kuma:

"Ranka ya daɗe, Malam Wane,

Barka da aiki. Sunana Wane, shekara 3 ina kula da sito a wani kamfanin kayan masarufi. Na ga sanarwar buɗe ma'ajiyarku ta biyu a watan jiya, shi ya sa na rubuto.

A inda nake, ina kula da kaya kusan iri 400, daga karɓa zuwa fitarwa. Lokacin da na fara, ƙidayar ƙarshen wata takan ci kwana 3, kuma lissafin littafi da na kan kanta ba sa daidaita. Na mayar da ita ƙidayar kashi-kashi ta kowane mako, yanzu a yini ɗaya muke rufe wata.

Na san ba ku tallata gurbi ba. Abin da nake roƙo shi ne minti 10 na lokacinka, ta waya ko a ofis, in ji irin mutanen da sashenka yakan buƙata idan aiki ya ƙaru. In kuma ba kai ne ya dace in tuntuɓa ba, zan yi godiya ka nuna mini wanda ya dace.

Na haɗa da takardar tarihin karatuna da aikina. Na gode ƙwarai."

Sai suna da lambar waya a ƙasa. In kamfanin da wani harshe yake aiki, da shi za ka rubuta, amma ƙashin wasiƙar ba ya canzawa.

Dubi abin da kowane sashe yake yi. Sakin layi na farko yana amsa tambayar da ke zuwa ran duk wanda baƙo ya rubuto wa: wane ne wannan, me ya sa ni? Ambaton ma'ajiya ta biyu shi ke nuna cewa wasiƙar tasu ce su kaɗai, ba wadda aka watsa wa kamfani 50 ba ce. Gwajin mai sauƙi ne: in za ka iya cire sunan kamfanin ka sa na wani ba tare da ka canza komai ba, wasiƙar ba ta nuna ba tukuna.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyarta, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Sai ka ga an rubuta "ni mutum ne mai gaskiya, mai ƙwazo, mai haƙuri da jama'a". Duk mai neman aiki haka yake faɗa, don haka bai bambanta ka da kowa ba. Amma "kwana 3 ya koma yini ɗaya" magana ce da manajan sito yake ji a jikinsa, musamman wanda aka ƙara wa ma'ajiya, domin ya san abin da rufe sito don ƙidaya yake jawowa: motoci a tsaye, masu talla suna kira. Hujja ɗaya mai lamba ta fi siffofi goma. Ka zaɓi ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, kuma wadda za ka iya bayyana yadda ka yi ta dalla-dalla in an tambaye ka. In ba ka da lamba irin wannan, faɗi girman abin da ke hannunka: motoci nawa kake saukewa a mako, mutum nawa ke ƙarƙashinka, wace manhaja kake shigar da lissafi a cikinta. Ka kula kuma, kada ka fitar da sirrin inda kake aiki. Adadin cinikinsu, sunayen abokan hulɗarsu, asarar da suka yi, duk ba naka ba ne. Manaja mai hankali in ya ga ka kwance wa maigidanka na yanzu zani a kasuwa, ya san gobe shi ne.

Sakin layi na uku shi ne amsar damuwarka ta kada ka zama kamar mai roƙo. Da ka ce "na san ba ku tallata gurbi ba", ka sauke masa nauyin ba ka haƙuri. Sannan abin da ka nema ƙarami ne, yana da iyaka, kuma yana cikin ikonsa. Aiki ba lallai ya iya ba ka ba, amma minti 10 nasa ne. Jumlar ƙarshe ta ba shi hanyar fita mai mutunci, wadda kai ma riba ce gare ka: in ya tura saƙonka ga wani, ya zama daga cikin gida ya fito.

Ladabi a irin wannan wasiƙa ba yawan kirari ba ne. Gaisuwa ɗaya, sunan mutum daidai, muƙaminsa daidai, da gajarta magana, su ne girmamawa ga wanda aiki ya yi wa yawa. Abin da ke mayar da ita roƙo shi ne labarin matsin da kake ciki, da kuma kalmar nan "kowane irin aiki ne zan yi". Halin matsi gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne, amma wasiƙar farko ba wurinsa ba ce. Yana sa mai karatu ya ji an ɗora masa nauyin da ba zai iya saukewa ba, sai ya zaɓi shiru. "Kowane irin aiki" kuwa tana nufin ka bar masa wahalar gano inda za ka dace, kuma ba zai yi ba. Maganar albashi ma ka bar ta har sai sun kawo ta.

Akwai ƙananan abubuwa da ke hana saƙo isa ko hana a buɗe shi. Takardar tarihin aikinka ta zama shafi 1 ko 2, a tsarin PDF, don kada rubutun ya wargaje a wata na'ura. Ba ta suna da za a gane bayan wata uku, kamar `Suna_SunanMahaifi_CV.pdf`, ba `document1.pdf` ba. Ita kaɗai za ka haɗa. Hotunan takardun makaranta da katin shaida su jira sai an nema, don suna sa saƙo nauyi, kuma bayananka ne da bai kamata su yi yawo ba. Kada ka aika wa mutane da yawa saƙo ɗaya, ko a fili ko a ɓoye ta Bcc. Matattarar saƙonnin banza takan kama irin wannan, wanda ya gani kuma ya san ba shi kaɗai ba ne. Kada ka fara batun saƙo da Re: don a ɗauka tsohuwar magana ce, yaudara ce da ake ganewa nan take. Yi amfani da adireshinka na kanka mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba na wurin aikinka ba, domin wancan mallakar kamfaninku ne kuma suna iya dubawa. Ka aika da safe a ranar aiki, ka guji ranar ƙarshen wata, lokacin da mai sito yake cikin ƙidaya. In saƙon ya dawo da sanarwar cewa bai isa ba, yawanci adireshin ne ba daidai ba, sai ka koma waya ka tabbatar da haruffansa.

Zuwa da kai fa? A kamfanin da aikinsa na fili ne, kamar sito, gareji ko masana'anta, yana da amfani, don manajan ba mazaunin gaban kwamfuta ba ne. Amma ka je da niyyar ajiye takarda, ba ta a gan ka dole ba. Sa wasiƙar da takardar tarihinka a ambulan, rubuta sunan manajan da muƙaminsa a baya, ka kauce wa lokacin lodi da sauke kaya. Ka gai da mai gadi da mai karɓar baƙi kamar yadda za ka gai da manajan, ka tambayi sunan wanda ya karɓi ambulan don ka ambata in ka kira daga baya. In aka yi dace ya fito, magana uku ta ishe ka: sunanka da aikinka, abin da ya kawo ka, da tambayar yaushe zai sami minti 10. Kada ka tare shi a bakin mota, kada ka nemi gidansa, kada kuma ka aika saƙo ta lambar wayarsa ta kansa in ba shi ko wanda ya haɗa ku ne ya ba ka ita ba.

Bayan aikawa, abin da ya fi yawa shi ne shiru, kuma shiru ba ƙi ba ne. Jira mako ɗaya zuwa kwana 10, sannan ka amsa a kan saƙonka na farko don ya ga asalin maganar a ƙasa. Layi biyu sun isa: "Ranka ya daɗe, ina tuni ne a kan saƙona na ranar kaza. In wannan makon ya yi cunkoso, mako mai zuwa ma ya yi mini." Kada ka tambayi dalilin da ya sa bai amsa ba. Bayan mako 2 ko 3 za ka iya gwada waya sau ɗaya. In har yanzu shiru, ka tsaya. Tuni na uku da na huɗu ba naci ba ne kuma, takura ce, kuma takan rufe ƙofar da da za ta buɗe nan gaba. Ka dawo bayan wata 3 ko 4, amma da sabon abu a hannu: kwas da ka gama, ko wani sabon motsi da ka gani a kamfanin.

In amsa ta zo cewa babu gurbi yanzu, kada ka raina ta, don mutumin ya san da kai ke nan. Ka gode masa, ka yi tambaya ɗaya: wane lokaci a shekara sukan ƙara hannu, kuma ko ya yarda ka sake tuntuɓarsa a lokacin? In ya ce eh, rubuta ranar, ka cika. In aka ce ka aika wa sashen kula da ma'aikata, aika a ranar, ka fara da cewa Malam Wane ne ya ce ka turo. In kuma ya ba ka minti 10 ɗin, ka shirya kamar intabiyu za ka shiga, amma ka riƙe alƙawarinka cewa tambaya ka zo yi. Tambaye shi wane ɓangare na aikin sito ya fi ba su wahala tun da aka buɗe ma'ajiya ta biyu, da kuma me yake dubawa in zai ɗauki mutum. Saurara fiye da yadda kake magana. Da minti 10 sun cika, kai za ka fara cewa lokacin da ka roƙa ya ƙare. In yana so a ci gaba, shi zai tsayar da kai. Washegari ka aika godiya ta layi uku, ka ambaci abu ɗaya da ya faɗa.

Wani lokaci zai ce ka zo ka yi gwaji. Kafin ka amsa, ka nemi a fayyace kwana nawa ne, me za ka yi, da ko akwai biya, kuma kada ka ajiye aikinka na yanzu sai takardar ɗauka ta shigo hannunka. Duk wanda kuma ya nemi kuɗi da sunan fom ko buɗe fayil don ya shigar da kai, ka janye. Kamfanin gaskiya ba ya sayar da gurbi.

Kada ka rataya rai a kan kamfani ɗaya. Zaɓi 10 zuwa 15 masu irin wannan aiki, ka riƙa aika wasiƙa 3 a mako, kowacce da bincikenta. Ajiye ɗan jadawali: sunan kamfani, wanda ka rubuta wa, ranar aikawa, ranar tuni, amsa. Wannan jadawalin ne zai nuna maka inda matsala take. In ka aika 15 babu wanda ya ce uffan, yawanci saƙon ba ya isa ga mutumin da ya dace, ko batun saƙon bai sa a buɗe ba, sai ka gyara suna da adireshi kafin ka taɓa jikin wasiƙar. In ana amsawa da "babu gurbi" kawai, to har yanzu wasiƙar tana karantuwa kamar neman aiki kai tsaye, sai ka sake duba sakin layi na uku. In kuma ana ganawa da kai amma magana ba ta wuce nan, tambayi mutum na gaba da ka zauna da shi kai tsaye: "Da a ce gurbi zai buɗe gobe, me ka ga ya rage mini?" In manajoji biyu suka ambaci abu ɗaya, misali wata manhajar lissafin kaya ko lasisin tuƙa na'urar ɗaga kaya, shi za ka je ka koyo kafin zagaye na gaba.